Kawu ya ce in rubuta masa tsarin kasuwanci, ta ina zan fara?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shagon buga takardu a Birnin Kebbi. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekara shida ke nan yana harkar shinkafa a Argungu. Yakan sayi shanshera, ya ba mata su yi gumi, ya kai injin wani a cashe, ya sayar. Ran nan ya kira ni ya ce, "Tun da kai ka yi boko, rubuta mini tsarin kasuwanci, ina son in bunƙasa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na sauko da wani samfuri mai shafi arba'in daga intanet na canza sunaye, amma da na karanta ni kaina ban ga Kawu a ciki ba. Ina jin nauyin in koma ina jera masa tambayoyi, kada ya ga kamar ban iya ba, ko ya zaci sirrin kuɗinsa nake son sani. Yaya zan yi?

Wani matashi daga Birnin Kebbi

Amsa

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye samfurin nan gefe, kada ka ƙara ɓata dare a kansa. Komawa wurin Kawu da tambaya shi ne rabin aikin, kuma duk wanda ya san wannan fanni da tambaya yake farawa. In mutum ya je wurin tela ya ce a ɗinka masa riga, telan da ya san aikinsa sai ya ji wa zai sa, ina za a sa ta, ya kuma auna, kafin almakashi ya taɓa yadi. Tsarin kasuwanci ma haka yake. Takardu iri-iri ne suke amsa wannan suna ɗaya, kuma abu uku ne suke raba su: me ake so takardar ta jawo, wa zai karanta ta, sannan a wane mataki sana'ar take. Da zarar ka sami amsar ukun nan, shafi arba'in zai koma shida ko takwas, wani lokaci ma biyu.

Ka tafi Argungu da ƙafarka, kada ka yi wannan magana ta waya. Ka same shi lokacin da kasuwa ta lafa, ba a gaban yaransa ko abokan cinikinsa ba. Bayan gaisuwa ka ce, "Kawu, na fara aikin nan, amma ina son in yi shi daidai da wanda za ku miƙa wa. Wa za ku ba takardar, kuma me kuke so ya yi in ya gama karantawa?" Babu dattijon da zai ji wannan ya ce ka raina shi. Batun sirrin kuɗi kuma akwai hanyar kauce masa: kada ka tambaye shi nawa ya mallaka, ka tambaye shi lissafin buhu ɗaya. Ɗan kasuwar da ba zai taɓa gaya maka jarinsa ba, da daɗin rai zai zayyana maka nawa ya sayi buhu, nawa ya biya mai gumi, nawa ya ba mai inji. Daga buhu ɗaya kusan duk sauran lissafin yake fitowa.

Kalmar "bunƙasa" tana iya ɗaukar abubuwa da yawa, kuma sai ka matsa kaɗan kafin ka ji wanne yake nufi. Wataƙila injin casa yake son saye don ya daina biyan wani. Wataƙila jari yake son ƙarawa ya tara shanshera lokacin kaka da take araha. Wataƙila kuma so yake ya fara zuba shinkafarsa a buhu mai suna ya kai shaguna, wanda wannan zai jawo maganar rajista da hukumar NAFDAC da injin cire tsakuwa. Kowanne da kuɗinsa da haɗarinsa, kuma takarda ɗaya ba ta ɗaukar duka ukun ba tare da ta zama surutu ba. In ya ce duka yake so, ka tambaye shi: in yau aka ba ku kuɗin abu ɗaya tak, wanne za ku fara? Abin da ya ambata shi ne manufar takardar.

Ka kuma tabbatar wane irin kuɗi yake nema, domin nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Rance daban, tallafi daban, haɗin jari daban. A nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoman shinkafa rance a watan Nuwamba na 2015, kuma duk wanda ya ga zamanin ya san yadda wasu suka karɓi kayan noma a matsayin rabon gwamnati alhali bashi ne da za a biya. In Kawu a ransa kyauta yake hange, kai kuma ka rubuta masa takardar neman rance, ka sa shi cikin abin da bai shirya masa ba. Ka faɗa masa a fili: wannan kuɗin biyansa za a yi kowane wata, ko kasuwa ta yi ko ba ta yi ba.

Bari mu ɗauka ka dawo da wannan amsa: inji yake so, mai haɗe da na cire tsakuwa, da rumfar da za a kafa shi, kuma banki yake son zuwa. Kafin ka rubuta komai, ka matse abin cikin jimla ɗaya ka karanta masa ya amince: "Wannan takarda za ta je wa jami'in ba da rance na banki kaza, don ya yarda a saya wa Kawu injin casa na naira miliyan shida, a biya cikin wata 24, daga sana'ar shinkafar da take gudana shekara shida." Wannan jimla ita ce ma'auninka. Duk shafin da bai taimaka wa wannan jami'i ya ce i ko a'a ba, ba shi da wuri a ciki. Tarihin noman shinkafa a duniya ya fita, yawan al'ummar Najeriya ya fita, dogon zancen buri da hangen nesa ya fita.

Yanzu lissafin buhu ɗaya. Alkaluman da za mu sa na misali ne kawai, farashin shinkafa yana motsi sosai, don haka naka dole su fito daga bakin Kawu da kasuwar wannan makon. A ce buhun shanshera mai kilo 100 ya kama naira 40,000. Gumi, da itace da ruwa da ladan mata, naira 3,000. Kuɗin casa a injin wani naira 2,500. Mota da dako naira 2,000, buhu da zare naira 800. Jimla naira 48,300. Shanshera mai kyau da aka guma daidai takan ba da wajen kilo 60 zuwa 65 na gyararriyar shinkafa a kowane kilo 100, sauran ɓuntu ne da dusa, kuma ɓuntu kaɗai yakan kai kashi ɗaya cikin biyar. Mu sa kilo 62. In kilo yana tafiya a naira 900, buhun ya kawo naira 55,800, ribarsa naira 7,500. Kawu yana juya buhu 40 a mako, wato 160 a wata.

Kada ka karɓi kilo 62 ɗin nan daga bakin kowa, har da mu. Ka nemi sikeli, ka auna buhu biyar kafin gumi, ka bi su har inji, ka auna abin da ya fito. Dalili shi ne duk ribar tana rataye a kan wannan adadi. In shansherar ta zo da jiƙa, ko dillali ya cika ta da ƙasa da yayi, ko aka shanya gumin a rana mai tsanani har ƙwayar ta tsattsage ta riƙa karyewa a inji, abin da za a samu zai iya sauka zuwa kilo 55. A farashin nan kilo 55 naira 49,500 ne, riba ta koma naira 1,200. Haka in farashin kilo ya faɗi da kashi goma cikin ɗari ya koma naira 810, kilo 62 zai kawo naira 50,220, riba naira 1,920. Wanda bai taɓa aunawa ba yakan rubuta kilo 70 saboda ya gani a wata takarda, sai duk shafukan da suka biyo baya su zama ƙarya ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba. Kuma yawancin buhunan da ake ciniki da su a kasuwannin ƙauye cika ido ake yi musu, nauyinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa takardar da za ta je banki dole ta yi magana da kilo.

To me injin zai canza a wannan lissafi? Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin nan ne zuciyar takardar. Kawu zai daina biyan naira 2,500 na casa, amma zai fara biyan man dizal, da mai kula da inji, da canjin bel da raga da sauran gyara. A ce waɗannan sun ci naira 1,500 a kowane buhu. Abin da injin ya rage masa naira 1,000 ne a buhu, wato naira 160,000 a wata a kan buhunansa 160. A ɗaya ɓangaren, in miliyan shida da ribar banki sun zama naira miliyan 7.2 a wata 24, biyan kowane wata naira 300,000 ne. Ka ga shinkafar Kawu ita kaɗai ba ta biyan kuɗin injin. Sai ya sami ƙarin buhu 140 a wata daga wasu masu kawo casa, kowane buhu yana bar masa naira 1,000 ɗin nan, kafin ya kai buhu 300 da za su rufe biyan. Kuma aikin casa ba ya tafiya daidai duk shekara. Yana cika bayan girbin damina a ƙarshen shekara da bayan girbin rani kafin ruwa ya sauka, yana ja baya a tsakiyar damina lokacin da shanshera ta yi tsada kuma shanya gumi take wahala. Banki kuwa wata goma sha biyu yake karɓa. In watannin aiki sosai takwas ne, buhu 3,600 na shekara sai an cashe su a buhu 450 kowane wata.

Wannan lissafi guda ɗaya ne, amma dubi yadda yake sauya kama gwargwadon mai karatu.

Jami'in banki tambayarsa ita ce: wannan mutum zai iya biya, kuma in ya kasa me za mu kama? A wurinsa labari mai daɗi shi ne cinikin shinkafar Kawu yana kawo ribar wajen naira miliyan 1.2 a watan da kasuwa take tafiya, wanda ya ninka biyan wata sau huɗu. Amma ba zai yarda da wannan don ka buga shi da kyau ba. Zai nemi bayanin asusun banki na wata shida zuwa goma sha biyu ya ga ko kuɗin suna shiga. In Kawu da tsabar kuɗi yake ciniki, ko kuɗin suna faɗawa asusun ɗansa da na mai POS na bakin kasuwa, to a idon banki sana'ar ba ta da girman da ka rubuta. Zai nemi rajistar suna daga hukumar CAC, lambar BVN, sau da yawa da lambar haraji ta TIN, da jingina ko masu tsaya masa. Takardar banki saboda haka gajera ce mai nauyin shaida: shafi ɗaya na taƙaitawa da ya faɗi nawa ake nema da me za a yi da shi da yadda za a biya, bayanin sana'ar yadda take yau, lissafin buhu, jadawalin shige da ficen kuɗi wata-wata, abin da zai faru in farashi ya faɗi, sai takardun shaida a baya. Jadawalin nan na wata-wata shi suka fi dubawa, kuma ka cire abin da Kawu yake ɗauka na cefanen gida, kuɗin makaranta da hayar sito kafin ka nuna abin da ya rage. Wanda ya nuna cewa mai sana'a ba ya cin komai daga sana'arsa, jami'in ya san ba gaskiya ya rubuta ba.

Ka kuma tambayi wane banki, domin su ma ba ɗaya ba ne. In Kawu yana gudun kuɗin ruwa ya nufi banki irin Jaiz ko TAJ, galibi ta hanyar murabaha za a bi: bankin ne zai sayi injin ya sayar masa da riba sananniya, ya biya kashi-kashi. A nan ba tsabar kuɗi za a ba shi ba, don haka takardar farashi daga mai sayar da injin, da sunan injin da ƙarfinsa, ta zama ginshiƙi. Bankin Masana'antu ya fi karkata ga kayan aiki da sarrafawa, Bankin Manoma ga harkar noma da abin da ya danganci ta. Mafi sauƙin abu, wanda mutane kaɗan ne suke yi, shi ne ka shiga reshen ka nemi jerin abubuwan da suke buƙata kafin ka rubuta harafi ɗaya. Sau da yawa suna da fom ɗinsu, kuma tsarin da suke so ya bi shi.

In kuwa ya bayyana cewa wani Alhaji ne abokinsa a Jega ko Kamba ya ce a kawo masa a rubuce zai zuba kuɗi, takardar ta canza gaba ɗaya. Wannan mai karatu ya san shinkafa, wataƙila ya fi ka sani, ba ya buƙatar a bayyana masa mene ne gumi. Abin da yake son gani shi ne nawa zai sa, nawa Kawu zai sa, wa zai riƙe kuɗi, yaushe za a zauna lissafi, yaya za a raba riba, wa zai ɗauki asara, kuma in ɗaya ya so fita ko ya rasu yaya za a yi da injin. In Alhaji ne ya kawo kuɗi duka Kawu ya kawo aiki, mudaraba ke nan: riba a raba da kason da aka yarda, kamar rabi da rabi ko kashi 60 da 40, ba wani tsayayyen adadi kowane wata ba, asarar kuɗi kuma tana kan mai jari matuƙar ba sakaci ko ha'inci aka yi ba. In dukansu sun zuba, musharaka ce, asara tana bin gwargwadon jarin kowa. Shafi biyu ko uku da Hausa, a karanta a gaban shaidu, a sa hannu. Muna ganin wannan ɗan gajeren rubutu ya fi na banki muhimmanci, domin zumunci da abota da yawa sun mutu a kan abin da aka bari a baki. In Kawu ya ce ai shi da Alhaji ba sa buƙatar takarda, ka tuna masa cikin ladabi cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Mai karatu na uku shi ne Kawu da kansa, kuma ko da banki za a je, muna ba ka shawara ka fara rubuta masa nasa shafi ɗaya. Tambayarsa ta bambanta da ta banki. Banki zai iya cewa i saboda cinikin shinkafa zai biya, alhali injin a karan kansa yana cin ribar da Kawu ya saba samu. Shafin nasa ya nuna masa buhu 300 ɗin nan, ya tambaye shi daga ina 140 za su fito. Injina nawa ne a unguwar? Me zai sa mata masu gumi su bar wanda suka saba da shi su zo wurinsa? In amsar ita ce nasa yana cire tsakuwa na sauran ba sa cirewa, to wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma za ka iya gwada ta: ka kai buhu biyu inda ake cire tsakuwa, ka ga nawa masu saye suke ƙarawa a kan kilo. In ƙarin ya kai naira 30 kacal, a kilo 62 ya zama naira 1,860 a buhu, wanda ya fi abin da aka rage na kuɗin casa. Sau da yawa ainihin ribar inji a nan take, kuma wanda ya kwafi samfuri ba zai taɓa gano ta ba.

A shafin nan ka nuna masa jarin juyawa. Buhu 40 a naira 48,300 ya kama naira 1,932,000 a mako. Daga sayen shanshera zuwa gumi da shanya da casa, sannan masu karɓar kaya bashi su biya, kuɗi yakan yi mako uku a waje, wato kusan naira miliyan 5.8 suna yawo a kowane lokaci. In banki ya ce Kawu ya kawo wani kaso na kuɗin injin daga aljihunsa, ya ciro daga nan, buhunan da yake juyawa za su ragu a daidai lokacin da injin yake buƙatar ƙari. Haka ake samun sabon inji a rumfa an lulluɓe shi da tamfol, mai shi ba shi da kuɗin shanshera.

Akwai kuma masu ba da tallafi, irin Gidauniyar Tony Elumelu da take ba da dala 5,000 ga sababbin sana'o'i. Su fom ake cikewa a intanet da gajerun amsoshi, kuma sun fi duba matsalar da sana'a take warwarewa da mutanen da za ta ɗauka aiki. A wurinsu matan da suke gumi su ne kan labari. Ka karanta sharuɗɗan shekarun sana'a tukuna, kada ka yi wahalar banza.

Saura mataki. Wanda yake da tunani kawai bai sayar da ko mudu ɗaya ba, tsarinsa jerin zato ne da hanyar gwada kowanne da kuɗi kaɗan, kuma hasashen shekara biyar a wurinsa wasa da alkaluma ne. Wanda ya fara, watanni kaɗan na ciniki su ne hujjarsa. Wanda ya daɗe yana neman faɗaɗawa, tarihinsa ne yake magana. Abin lura game da Kawu shi ne yana tsaye a matakai biyu lokaci guda. A cinikin shinkafa tsohon hannu ne, a riƙon inji kuwa bai fara ba. Takardar ta raba waɗannan biyun a fili. Ɓangaren ciniki ka rubuta shi da abin da ya riga ya faru, da alkaluman wata goma sha biyu da suka wuce. Ɓangaren inji ka rubuta shi a matsayin hasashe, ka faɗi inda kowane adadi ya fito: man da inji yake sha daga bakin masu irin injin guda biyu ko uku, farashi daga takardar mai sayarwa, masu kawo casa daga waɗanda aka yi magana da su da yawan buhunan da kowa yake yi a mako. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a cakuɗa su, a rubuta "muna cashe buhu 450 a wata" alhali ba a sayi injin ba. Ranar da jami'in ya zo duba wuri ya tarar da fili, ya daina yarda da sauran shafukan har da na gaskiya.

Mai yiwuwa Kawu ba shi da littafin ciniki, ko yana da shi a ƙwaƙwalwa da 'yan rubuce-rubuce a bayan kwali. Ana iya sake gina tarihin. Mai injin da yake kai wa casa yakan san buhu nawa yake kawowa, wasu ma suna rubutawa. Saƙonnin shigar kuɗi a wayarsa suna nuna manyan masu saye. Shugabar matan gumi ta san tukunya nawa suke ɗorawa a mako, direban da yake ɗauko kaya daga Augie ko Suru ya san sawu nawa yake yi. In majiya biyu suka yi kusa da juna, ka sa adadin, ka ce ga inda ya fito. In ka ga shaidar ta yi ƙaranci ƙwarai, gaskiyar da za ka gaya wa Kawu ita ce lokacin zuwa banki bai yi ba: ya buɗe asusu da sunan sana'a, ya riƙa zuba duk ciniki a ciki, ya sayi littafi a riƙa rubuta saye da sayarwa kullum, bayan wata shida a koma maganar. Wannan amsa ba za ta yi masa daɗi a ranar ba, amma ta fi a kai takarda a dawo da ita.

Wajen bayanin abokan gasa, samfurin da ka sauko da shi zai sa ka jera manyan kamfanoni ka ce Kawu zai kara da su. Ka duba abin da idon mai sana'a. Kamfanin casar shinkafa na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 da na Labana a Birnin Kebbi ba su cika haɗuwa da Kawu wajen sayarwa ba, masu sayen shinkafarsu daban ne. Inda suke haɗuwa shi ne wajen sayen shanshera, domin in wakilan manyan injina suka shiga kasuwa da motoci, farashi yana tashi a kan kowa. Abokan gasarsa na casa kuwa ƙananan injinan unguwa ne. Sakin layi ɗaya da ya faɗi wannan, da sunayen kasuwannin da yake saye da watannin da farashi yake hawa, ya fi shafi biyar na kwafe.

Game da harshe, in bankin Turanci yake so ka rubuta da Turanci mai sauƙi, amma ka zauna da Kawu ka bi masa shi layi-layi da Hausa kafin a kai. Shi za a yi wa tambayoyi, kai ba ka nan. Ka gwada shi da guda huɗu: nawa kuke nema, nawa za ku riƙa biya a wata, buhu nawa ne zai rufe biyan, me za ku yi in farashi ya faɗi a watan Agusta? In ya amsa da alkaluman da suke cikin takardar ba tare da ya duba ba, an gama. In ya ce wani adadin ba haka yake ba, nasa za ka bi ka gyara, sannan ka sake bin lissafin daga buhu ɗaya har jadawalin wata-wata, domin canjin naira 500 a kuɗin gumi yana taɓa kowane layi da yake ƙasa da shi.